Waiwaye: Fulot a Tankin Sama, Inji Yana Shan Iska a Ƙasa

Watan Maris shi ne kakar masu gyaran injin ruwa a Jos. Ruwan sama ya ɗauke tun Oktoba, na Afrilu bai sauka ba tukuna, rijiyoyi sun ja baya. Ka leƙa shagon mai naɗin kwayil a Dilimi ko a Bukuru, za ka tarar da injina jere a ƙasa, kowanne da sunan mai shi an rubuta da fenti. In ka tambayi masu su abin da ya faru, amsar kusan ɗaya ce: wuta ce ta ƙona shi. Mai gyara ba ya musu, don wani lokacin gaskiya ne. Amma idan ya kwance kan injin ya ga sil ya tsage, robar da ke kewaye da farfela ta narke ta lanƙwashe, ya san ba ruwan wuta a wannan ɓarna. Injin ya yi gudu ne babu ruwa a cikinsa.

Garin nan ba baƙon inji ba ne. Tun wajen 1929 kamfanin NESCO ya kafu don janyo lantarki daga Kurra Falls zuwa filayen kuza, kuma da manyan injinan ruwa Turawa suka riƙa wanke ƙasar da suke haƙowa. Sai dai injin gida, wanda ake ajiyewa a bakin rijiya, bai zama ruwan dare ba sai da garin ya fi ƙarfin famfonsa. Madatsun Lamingo da Liberty da na Yakubu Gowon da ke Shen suna nan, amma unguwanni sun yi ta hawa kan duwatsu fiye da inda bututu ya kai, inda ya kai ɗin ma ba kullum yake kawowa ba. Sai kowa ya koma ga abin da ke ƙarƙashin gidansa. Abin da ke ƙarƙashin Jos kuwa dutse ne. Ruwan da rijiya take samu yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi, yana tsattsafowa a hankali. Da damina ba ka gane haka. Da rani kake ganewa.

A shekarun farko na injin gida babu wata na'ura da ke kula da shi. Yaro ake sawa. In an kawo wuta sai a ce maza a kunna inji, yaron ya zauna kusa yana jiran ya ji ruwa yana zuba daga saman tanki, ko maƙwabta su ƙwala kira cewa tankinku ya cika. Kowa ya tuna ambaliyar nan da ke jiƙa bango har ya yi gansakuka. Abin da aka manta shi ne aiki na biyu da yaron yake yi ba tare da an sa shi ba. Idan rijiya ta ƙafe, muryar inji takan canza: nauyinta ya tafi, ta koma wani siririn kuka mai sauri. Yaron bai san sil ba, bai san farfela ba, amma ya san wannan kukan ba na lafiya ba ne, sai ya kashe ya je ya faɗa. Kunnensa shi ne kariyar injin.

Da fulot ya shigo kasuwa aka sallami yaron. Fulot ɗin nan dai wata 'yar kwalba ce ta roba a bakin doguwar waya, a cikinta akwai ƙwallon ƙarfe da ɗan makunni. In ruwa ya ɗaga ta, kanta ya kalli sama, ƙwallon ya gangara ya danna makunnin. In ruwa ya sauka, ta rataye kai ƙasa, ƙwallon ya koma ya sake shi. Aka rataya ta a tankin sama, ambaliya ta ƙare, masu gida suka ji daɗi. Har ma aka samu sabuwar dama: tunda wuta takan zo da tsakar dare, sai a bar makunnin inji a kunne a je a kwanta, duk lokacin da aka kawo ya cika tanki ya tsaya da kansa. Fulot ya karɓi aikin idon yaron. Aikin kunnensa kuwa ba wanda ya karɓa, don ba a ma san yana yinsa ba.

Na ga yadda wannan giɓi yake cin inji a gidan wani yayana a Unguwar Rogo, kuma lissafin gidan ya isa misali. Rijiyarsa ta hannu ce, zurfinta mita 6.5, faɗin bakinta mita 1. Rijiya mai wannan faɗi tana ɗaukar lita kusan 785 a kowace mita ta tsayin ruwa, wato lita 8 ba kaɗan a kowace santimita. Injin na waje ne mai ƙarfin doki ɗaya, yana zaune a bakin rijiya, bututunsa ya sauka ya tsaya santimita 30 kafin ƙasa don kada ya ja laka, da fut-bawul a bakinsa. A sama akwai tanki mai lita 2,000, an saita fulot ɗinsa ya kira ruwa in tanki ya kai rabi. Duk lokacin da inji ya tashi ke nan, bashin lita 1,000 ne a kansa.

Da damina wannan bashi ba komai ba ne. A Maris kuwa tsayin ruwan rijiyar ya dawo mita 1.2. Cire santimita 30 na ƙasa da bututu bai kai ba, saura santimita 90, wato kusan lita 700. Injin yana kai lita 30 sama a minti ɗaya, an auna da bokiti da agogo a bakin tanki. Rijiyar kuma tana mayar da kusan lita 5 a minti. Wannan ma an auna, da igiya mai ƙulli-ƙulli, aka ga bayan an zuƙe ta takan tashi kusan santimita 38 a awa guda. To ana ɗiban 30, ana mayar da 5, rijiya tana asarar 25 a kowane minti. Lita 700 za su ƙare cikin minti 28. A wannan lokacin inji ya kai lita 840 sama. Saura 160 kacal tanki ya cika.

Wannan 160 ɗin ita ce ajalin injin. Fulot ɗin sama bai ɗaga ba, don haka yana ta kiran ruwa. Bakin bututu ya fito sarari ya ja iska. Irin wannan inji kuwa in iska ta cika bututunsa ba ya sake kama ruwa da kansa, ko da rijiya ta dawo ta rufe fut-bawul bayan 'yan mintuna. Sai an buɗe an ɗura masa ruwa da hannu. Wuta ta zo wajen ƙarfe ɗaya na dare, kafin biyu saura ya fara gudu a bushe, bai tsaya ba sai da mai gida ya fito alwalar asuba ya ji ƙaurin roba.

Ya dace a san abin da ke faruwa a cikin inji a irin wannan dare, don shi ne ke nuna dalilin da ya sa sauran kariyar da aka saya ba ta yi amfani ba. A inda sandar mota ta shiga gidan ruwa akwai sil, zobe biyu masu santsi da ke gugar juna, galibi ɗaya na gawayi ɗaya na tangaran. Motar tana juyawa kusan sau 2,900 a minti. Abin da ke hana zoben nan cin juna shi ne ɗan siririn ruwa da ke ratsa tsakaninsu, yana sa santsi yana kuma kwashe zafi. In ruwan ya yanke, cikin mintuna kaɗan fuskokin sun yi zafi, robar da ke riƙe da su ta ƙone, tangaran ya tsage. Ɗan ruwan da ya rage a gidan farfela kuma ba shi da mafita, farfela tana ta kaɗa shi har ya tafasa. Shi ya sa wata alama da ba ta ƙarya ita ce soket ɗin roba da ke bakin inji: in ka ga zarensa ya yi laushi ya saki, yana ɗiga, to an dafa shi daga ciki.

Yayan nawa ya tambayi mai gyara, “Malam, to ina amfanin birekar da na saka? Ai an ce in inji ya wahala za ta faɗi.”

Mai gyaran ya ce, “Alhaji, ai bai wahala ba. Hutawa ma yake yi. Kaya ne babu a kansa.”

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Bireka da na'urar kariyar zafin mota suna jiran wutar da inji ke ja ta ƙaru ne. Injin da ke tura iska kuwa wutar da yake ja raguwa take yi, don iska ba ta da nauyin ruwa. A wurin bireka komai lafiya lau. Sai daga baya, idan sil ya fashe ruwa ya bi sanda ya shiga boris da kwayil, ko narkakkiyar roba ta riƙe farfela, sannan mota ta ƙone, a ɗora wa wuta laifi.

Akwai wani abu kuma da Jos ta keɓanta da shi, wanda masu sayar da inji ba sa faɗa. Injin waje ba jan ruwa yake yi da ƙarfinsa ba. Yana rage iskar da ke cikin bututu ne, nauyin iskar duniya ya danno ruwan sama. A bakin teku wannan nauyi yana iya ɗaga ruwa mita 10.3 a lissafi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ta fi sauƙi, abin da take iya ɗagawa bai wuce kusan mita 8.9 ba. An yi asarar kusan mita ɗaya da rabi tun kafin a kunna komai. Injin da aka rubuta a jikinsa cewa yana zuƙo daga mita 8, a Legas ne zai yi kusa da haka. A nan ka ɗauka shida da rabi ne, shi ma da ƙyar. Saboda haka tun kafin rijiya ta ƙafe, in ruwa ya sauka ya wuce mita 6, za ka ji inji ya fara ƙarar tsakuwa, ruwan da yake turawa ya ragu. Wanda zai zaɓi inda inji zai tsaya dole ya sa wannan a lissafi.

Maganin bai kai kuɗin sil da naɗin kwayil ba. Fulot na biyu ne, a cikin rijiya. Amma ba a haɗa shi yadda aka haɗa na sama ba, don aikinsu kishiyar juna ne. Na sama yana ba da hanya in ya rataye ƙasa, wato tanki na son ruwa, ya yanke in ya ɗaga. Na ƙasa yana ba da hanya in ya ɗaga, wato akwai abin ɗiba, ya yanke in ya rataye. Kwalba iri ɗaya ce take yin duka biyun, shi ya sa take zuwa da waya 3: ɗaya uwa, sauran biyun ka zaɓi ɗaya gwargwadon aikin. Galibi baƙa ce uwar, sai shuɗiya da ruwan ƙasa, amma kamfanoni ba su haɗu a kan launi ba. Kada ka yarda da launi. Ka sa mita a kan waya biyu, ka ɗaga kwalbar da hannu ka sauke, ka ga a wane hali take ba da hanya. Wayar da ba a yi amfani da ita ba a naɗe bakinta da kyau, don takan ɗauki wuta a lokacin da ɗayar ta yanke.

Sannan a jera su a layi ɗaya, wuta ta ratsa na ƙasa, ta ratsa na sama, kafin ta kai inda za ta. Abin kamar ƙofar shago ne mai kwaɗo biyu, makullin ɗaya a hannun tanki, na ɗayan a hannun rijiya: ba ta buɗuwa sai duka biyun sun yarda, kuma ɗaya ya isa ya hana. Na taɓa ganin inda aka haɗa su gefe da gefe, kowanne yana iya kunna inji shi kaɗai. Wannan ya fi rashin fulot muni, don tanki zai yi ambaliya duk lokacin da rijiya ta cika, inji kuma ya sha iska duk lokacin da tanki ya sauka.

Inda aikin yake da daɗi shi ne saitin tsayi. A jikin wayar fulot akwai wani nauyi mai zamewa, ko kuma a ɗaure wayar a jikin bututu. Tsawon wayar da aka bari tsakanin wurin ɗaurin da kwalbar shi ne ke yanke tazarar da ke tsakanin tsayawa da tashi. A rijiyar yayana an ɗaure ta a jikin bututun, aka bar mata kusan santimita 30, aka yi ta gwadawa har ta zama tana yankewa in tsayin ruwa ya sauka santimita 50, ta mayar in ya kai 90. Santimita 50 ɗin nan na nufin akwai sauran 20 a kan fut-bawul. Ba a barin ƙasa da haka, don in ruwa ya yi kusa da bakin bututu yakan yi juyi ya jawo iska tun bai kai ba. Kuma a wannan tsayi inji yana zuƙo ne daga mita 6, yana cikin abin da iskar Jos ta yarda masa.

Yanzu ga yadda dare ɗaya yake tafiya. Inji ya tashi rijiya tana da mita 1.2, ya sauke ta zuwa santimita 50 cikin kusan minti 22, ya kai lita 660 sama, ya tsaya da ruwa cike da bututunsa. Rijiya ta huta awa ɗaya da 'yan mintuna ta mayar da santimita 40. Inji ya sake tashi, cikin minti 11 ko 12 ya biya sauran 340, fulot ɗin sama ya sallame shi. Aikin da ake so a gama cikin rabin awa ya ɗauki kusan awa ɗaya da minti 40. In an ɗauke wuta a tsakiya, tanki ba zai cika ba a daren, kuma babu fulot ɗin da zai gyara wannan. Fulot ba ya ƙara wa rijiya ko cokali ɗaya.

Kuskure biyu ake yi a wannan saiti, kuma kishiyoyi ne. In wayar ta yi gajarta, tazarar ta zama santimita 5 ko 10, inji zai riƙa tashi yana tsayawa kowane 'yan mintuna. Kowane tashi kuwa yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ja a gudu, kafasita da kwayil su ne ke biya. In kuma aka sa wurin tashi ya yi sama da yawa, to ka tuna rijiya ba ta dawowa da sauri ɗaya: tana hanzari in ta yi ƙasa, tana rage gudu in ta kusa inda take kwanciya. Inda take kwanciyar ma sauka yake yi mako bayan mako har a yi ruwan farko. Wanda ya saita tashi a mita 1.1 a watan Janairu zai wayi gari a ƙarshen Maris inji ya ƙi tashi sam, ga ruwa yana gani a rijiya, ya yi zaton fulot ya mutu. Lafiyarsa ƙalau, ruwan ne bai ƙara kai masa ba.

Sai maganar kontakta, wadda masu son arha suke tsallakewa. A jikin fulot za ka ga rubutu irin 16(4)A. Lambar farko ta kayan da ba su da mota ce, irin hita. Ta cikin baka ita ce ta mota. Injin doki ɗaya yana jan wajen am 5 a gudu, ya ninka haka sau da yawa a tashi. In ka bi da wannan wuta ta cikin ɗan makunnin kwalbar, zai yi aiki na wani lokaci, sannan wata rana tartsatsi ya narkar da bakinsa ya manne. Makunnin da ya manne kuwa a kunne yake mutuwa, ba ka da labari sai inji ya ƙone. Don haka fulot biyun su riƙe kwayil ɗin kontakta kawai, wato ƙafafun da aka rubuta wa A1 da A2, wanda wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba, kontakta ita ta ɗauki nauyin mota. In da hali, kwayil ɗin ya zama na bolt 24 ta hanyar ƙaramar taransifoma, don waya ce da ke kwance cikin ruwan da iyali ke sha suna wanka. In babu hali, to lallai a sa birekar yoyon wuta ta 30 mA, kuma kada mahaɗar waya ta kasance cikin rijiya ko tanki. Wani abin lura: an yi kontakta ta kama da kyau ne daga kashi 85 cikin 100 na ƙarfin wutar da aka rubuta mata, wato wajen bolt 195 ga mai 230. In wuta ta yi ƙasa da haka sosai za ka ji tana kaɗa haƙora, tana kamawa tana saki. Wannan ba laifin fulot ba ne, na'urar da ke yanke layi in wuta ta yi rauni ake buƙata.

Duk wannan na rijiyar hannu ne da tankin ƙasa. A rijiyar burtsatse kwalba ba ta da wurin juyawa, don bututun bai wuce inci 5 ko 6 ba, ga sumo da wayarsa a ciki. Haɗarin kuwa ya fi girma, tunda ruwan da ke wucewa ta jikin sumo shi ne ke sanyaya motarsa, kuma burtsatse a dutsen Jos sau da yawa ba ta kai ƙarfin injin da aka zura mata ba. A nan sanduna uku na ƙarfen da ba ya tsatsa ake saukarwa da waya, ɗaya a can ƙasa, ɗaya a tsayin tsayawa sama da sumo, ɗaya a tsayin tashi, a haɗa su da rile mai gane ko ruwa ya taɓa su. Ko kuma a sa akwatin da ke lura da wutar da mota ke ja, ya kashe in ta ragu, ya jira lokacin da aka saita masa kafin ya sake gwadawa. Shi wannan akwatin sai an saita shi a kan injin da kansa, yana cikin ruwa, don a ƙananan motoci bambancin wutar gudu da ruwa da ta gudu a bushe ba shi da yawa.

'Yan shekarun nan samari masu sha'awar lantarki sun kawo sansa mai auna ruwa da sauti, suna haɗa ta da Arduino ko ESP32. Ana manna ta a murfin tanki tana kallon ƙasa, ta harba sautin da kunne ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ta ƙidaya lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo daga fuskar ruwa. Lissafin gajere ne:

```
v = 331.3 + 0.606 * T
d = v * t / 2
```

Saurin sauti ke nan a zafin iska T, sai nisan ruwa daga lokacin zuwa da dawowa. Abin sha'awa ne, don tana faɗa maka yawan ruwan da ya rage, abin da kwalba ba ta iyawa. Masu suka sukan kawo maganar sanyin Jos, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Yawancin masu haɗawa suna ɗaukar saurin sauti mita 343 a daƙiƙa su bar shi haka. Da asubar hunturu iskar cikin tanki tana iya sauka digiri 10, da rana a baƙin tanki ta kai 45. In ruwa yana nisan mita 1.5, sansa za ta ƙara santimita 2.5 da asuba, ta rage 6.5 da rana. A tanki mai lita 2,000 wannan tazarar ta kai lita 120. Amma ni ban ɗauki wannan babbar matsala ba, don kuskuren yana raguwa yayin da ruwa ke matsowa. In nisan ya dawo santimita 30, bai kai santimita 2 ba.

Matsalolin gaske daban ne. HC-SR04, wadda ta fi arha, ba a yi ta don danshi ba. Tururin da ke taruwa a murfi da dare yana cinye ta. JSN-SR04T tana jure ruwa, amma ba ta ganin abin da ya matso kusa da santimita 20 zuwa 25, sai a ɗaga ta sama da iyakar cikar tanki da fiye da haka. Raɓa takan taru a fuskarta ta toshe sautin. Ruwan da ke zubowa daga bututun shiga yana watsa amsar, don haka a nisanta ta da shi, a kuma ɗauki awo da yawa a zaɓi na tsakiya. A rijiya kuwa sautin yana buɗewa yana tafiya, ya bugi bango da bututu ya dawo kafin ya kai ruwa.

Wanda ya fi duka haɗari ɓoyayye ne. A Arduino, umarnin pulseIn yana mayar da 0 idan amsa-kuwwa ba ta dawo ba. In mai rubutu bai kula ba, nisa zai fita sifili, na'ura ta fahimci cewa ruwa ya cika har baki. A tankin sama wannan kuskure ba ya ɓarna, inji tsayawa zai yi. A tankin ƙasa kuwa ma'anarsa ita ce ruwa ya wadata, a ci gaba da ɗiba. Wayar sansa ta tsinke, ko raɓa ta rufe ta, inji ya yi ta gudu a kan tanki wayam da izinin na'urar da aka saka don ta kare shi. Layi ɗaya ne yake rufe wannan ƙofa:

```
if (t == 0) pumpOff();
```

A ƙara masa iyakar lokaci: in inji ya yi minti 5 yana gudu ruwan tankin sama bai tashi ba, a kashe shi, kada a sake kunnawa sai mutum ya duba. Wannan dabarar tana kama har abin da fulot ɗin ƙasa ba ya gani, wato fut-bawul mai yoyo da ya zubar da ruwan bututu alhali rijiya cike take.

Duk da haka, in aka tambaye ni, sansa ta zauna a sama ta riƙa ba da labari, amma a ƙasa kwalba nake so, a jere da kwayil ɗin kontakta, inda babu wani rubutun na'ura da zai tsallake ta. Dalilina shi ne yadda kowacce take lalacewa. In ɓera ya ci wayar fulot, layi ya yanke, inji ya tsaya, mai gida ya yi fushi ya kira mai gyara. Asarar ke nan. Ita ma kwalbar tana da hanyoyin cin amana: takan maƙale a bayan bututu ko a kan wani dutse da ya fito a bangon rijiya ta kasa ratayewa, ko ta tsage ruwa ya shige ta.

Shi ya sa ake gwada ta kafin rani ya yi nisa, a Janairu ko farkon Fabrairu. A kunna inji, a sa doguwar sanda mai ƙugiya a danna kwalbar rijiya ƙasa. Kontakta ta saki nan take. A sake ta, a hau sama a ɗaga ta tanki. Nan ma ta saki. A jijjiga kowacce kusa da kunne, ƙarar ƙwallo kaɗai ake so a ji, ba motsin ruwa ba. Sannan a bar inji ya zuƙe rijiyar da rana, ana tsaye a kanta, a ga da ido inda ya tsaya, a auna da igiya ko akwai santimita 20 ɗin nan a kan fut-bawul. In an yashe rijiya ko an ƙara tsawon bututu, ɗaurin wayar ya tashi daga inda yake, sai a sake saitin daga farko.